Miliyan ɗaya yau ko miliyan ɗaya da jika 200 a shekara uku: wanne ya fi yawa?

A ce wani magidanci a Tawa ya sa filinsa a kasuwa, sai masu saye biyu suka zo. Na farko ya ce zai ba da sefa miliyan ɗaya lakadan, a yi takarda a rabu. Na biyu ya ce shi zai ba da miliyan ɗaya da jika 200, amma kashi uku: jika 400 baɗi war haka, jika 400 shekara mai bi mata, jika 400 a ta uku. Wa ya fi taya filin da daraja?

In ka jefa wannan tambaya a majalisa, mutane kan rabu biyu nan take. Wasu za su ce ai lissafin a fili yake, na biyu ya ɗara da jika 200, wanda ya ƙi shi bai iya ƙidaya ba. Wasu kuma su ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, karɓi naka ka tashi. Irin wannan gardama ce ake yi kan babur ɗin kabu-kabu da ake ba da shi biya sannu-sannu, da kan ɗan kwangilar da aka riƙe wa kuɗi shekara biyu sannan aka biya shi cif ba ƙari, da kan ɗan'uwan da ya ranci kuɗi tun kafin tsadar shinkafa ya dawo da su bana.

Ɓangarorin biyu duk sun tsallake mataki guda. Masu cewa na biyu ya ɗara sun tara kuɗin shekaru dabam-dabam wuri ɗaya kamar darajarsu ɗaya. Masu cewa a karɓi na hannu sun ji a jikinsu cewa jira yana da tsada, amma ba su faɗi nawa ne tsadar ba. Akwai hanyar auna ta, kuma wayar da ke aljihunka ta isa ta yi aikin.

Me ke rage darajar kuɗin da aka jinkirta?

Babban dalili shi ne kuɗin da ke hannunka yana iya aiki, wanda ke hannun wani kuwa shi yake yi wa aiki. Mai garkar albasa a yankin Galmi da ya samu jika 100 a watan Oktoba zai sayi iri da taki da man injin ban ruwa, zuwa Maris ko Afrilu ya kwashe albasa. In kuɗin nan bai zo ba sai bayan an gama girbi, adadinsa bai ragu ko dala ɗaya ba, amma noman rani guda ya wuce shi. Abin da ya rasa shi ne ribar da kuɗin zai haifa da yana hannunsa. Wannan dalili yana nan ko da farashin kaya bai motsa ba, ko da wanda ake bin bashin mutum ne mai amana da ba ya saɓa alƙawari. Mutane da yawa suna zaton tsadar rayuwa ce kaɗai ke cin kuɗi, shi ya sa na fara da wannan.

Tsadar kaya ita ce ta biyu, kuma kowa ya san ta. Babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, wato BCEAO, yana ƙoƙarin riƙe hauhawar farashi tsakanin kashi 1 zuwa kashi 3 cikin ɗari a shekara. Kashi 3 kamar ba komai ba ne. Amma in ya ɗore shekara 10, jika 100 ba za ta sayi abin da ya wuce na sefa 74,400 na yau ba. Rubu'in kuɗin ya tafi ba tare da wani ya taɓa jakar ba. Kuma shekarun ba duka suke zuwa da sauƙi haka ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100, farashin kaya a Nijar ya hau da fiye da kashi 30 cikin ɗari a wannan shekara. Ma'aikatan da suka bi gwamnati bashin albashi a shekarun nan sun ga abin da idonsu, domin ko an biya su adadin da ke rubuce, ba shi ne kuɗin da suka yi wa aiki ba. Na kusa-kusa kuma, bayan watan Yulin 2023, da aka sa wa ƙasar takunkumi iyakar Benin ta rufe, duk mai cefane a Yamai ya san yadda buhun shinkafa ya yi.

Na uku shi ne haɗari. Alƙawari ba kuɗi ba ne tukuna. Mai bashi yana iya rasuwa, kasuwarsa na iya karyewa, damina na iya ƙin kyau, yana iya tafiya ci-rani Abijan ko Libiya labarinsa ya ɗauke. Zan dawo kan wannan, don yana da nasa lissafi dabam.

Mu fara da tafiya gaba

Kafin a mayar da kuɗin gaba zuwa yau, ya fi sauƙi a ga yadda kuɗin yau ke girma. Ɗauki jika 100, a ce mai ita yana juya ta tana kawo masa ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara, bayan ya cire kuɗin mota da haya da ladan wahalarsa. Wannan kashi 10 misali ne kawai don sauƙin lissafi.

A ƙarshen shekara ta farko yana da sefa 110,000. In bai ci ribar ba ya bar ta cikin jari, shekara ta biyu kashi 10 ɗin ba a kan 100,000 za a ɗauke shi ba, a kan 110,000 ne, sai ya tashi da 121,000. Shekara ta uku ya tashi da 133,100. Ribar farko jika 10 ce, ta biyu jika 11, ta uku 12,100, saboda ribar bara ita ma ta shiga aiki bana. Kowace shekara ana ninka abin da ke akwai da 1.1 ne.

To ga ma'anar wannan. A wurin mutumin nan, jika 100 ta yau da jika 110 ta baɗi abu ɗaya ne. In ka ce masa ya bar maka jika 100 yau ka ba shi 105,000 baɗi, ka cuce shi da jika 5 ko da a ido kamar ka ƙara masa. In ka ce za ka ba shi 120,000, to gara ya jira.

Yanzu mu juyo da baya

Tambayar mai fili ta baya ce. Ba ya tambayar nawa kuɗinsa zai zama. Yana tambaya ne: wannan kuɗin da za a ba ni baɗi, nawa yake daidai da shi yau? Wato nawa zan riƙe yau wanda in na juya shi zai kai wancan adadi a ranar da aka yi alƙawari? Wannan adadi shi za mu kira ƙimar yau.

Tunda tafiya gaba ninkawa ce da 1.1, dawowa baya rabawa ce da 1.1, sau ɗaya ga kowace shekarar jira. Jika 100 da za ta zo bayan shekara ɗaya, ƙimarta ta yau sefa 90,909 ce. In sai bayan shekara biyu, ka sake rabawa, ta koma 82,645. Shekara uku, 75,131. Shekara biyar, 62,092. In aka ce sai bayan shekara 10, abin da ya rage 38,554 ne, bai kai ko rabi ba.

A rubuce, ga yadda ƙa'idar take:

```
ƙimar yau = kuɗin gaba ÷ (1 + r)^n
```

Harafin r shi ne ribar shekara, kashi 10 a rubuta shi 0.10, n kuma yawan shekarun jira. Wanda alamomin nan ke ruɗa shi ya bar su. Ya buɗe kalkuletar wayarsa ya buga kuɗin, ya raba da 1.1, ya danna daidai, ya sake rabawa har sai ya cika yawan shekarun.

Akwai kuskuren da masu farawa ke yawan yi a nan. Sai mutum ya ce tunda kashi 10 ne, bari in cire kashi 10 daga jika 100, saura jika 90. Ba daidai ba ne, kuma gwada shi ba wuya: ɗauki jika 90 ka ɗora mata kashi 10, za ka samu 99,000, ba ta koma 100,000 ba. Amma 90,909 in ka ɗora mata kashi 10 za ta kai jika 100. A shekara ɗaya bambancin ƙarami ne. In mutum ya ci gaba da cire jika 10 kowace shekara, zuwa shekara ta 10 lissafinsa zai ce kuɗin ya zama babu, alhali 38,554 ne. Duk amsar da ka samu, ka mayar da ita gaba ka gani ko ta koma adadin da aka fara da shi. In ba ta koma ba, akwai inda hannu ya zame.

Lissafin filin Tawa

Mu koma ga mai fili, mu ce shi ɗan kasuwa ne mai samun kashi 10 a shekara kan jarinsa. Ba za a tara jika 400 sau uku ba. Kowace za a dawo da ita yau ita kaɗai, gwargwadon nisanta.

Jika 400 ta farko shekara ɗaya za a jira ta, a raba sau ɗaya: 363,636. Ta biyu a raba sau biyu: 330,579. Ta uku a raba sau uku: 300,526. Yanzu ne za a iya tara su, tunda duk sun zama kuɗin rana ɗaya. Jimilla 994,741.

Ashe miliyan ɗaya da jika 200 ɗin nan bai kai miliyan ɗaya na hannu ba, ya gaza da wajen jika 5. Ƙarin jika 200 da mai saye na biyu ke taƙama da shi, jiran ya cinye shi tas. A wurin wannan ɗan kasuwa tayin biyu kusan kunnen doki ne, kuma tun ba a yi maganar haɗarin bin bashi ba.

Wanda bai gamsu ba ya bi ta ɗaya hanyar. A ce ya karɓi miliyan ɗaya yau ya juya: bayan shekara uku yana da 1,331,000. A ce kuma ya karɓi kashi-kashi yana juya kowane kashi da zarar ya shigo: na farko zai yi aikin shekara biyu ya zama 484,000, na biyu shekara ɗaya ya zama 440,000, na uku ya shigo ranar ƙarshe yana nan 400,000. Jimilla 1,324,000. Amsar ɗaya ce, na hannu ya ɗara da kaɗan.

Wani abin lura a nan shi ne ranar kashin farko. Da mai saye na biyu zai yarda ya ba da jika 400 ta farko yau, sauran biyun baɗi da shekara mai bi, lissafin ya zama 400,000 da 363,636 da 330,579, wato 1,094,215. Jimillar kuɗin ba ta canja ba, kowane kashi ne aka matso da shi shekara ɗaya, amma darajar cinikin ta ƙaru da kusan jika 100. A ganina nan ne mai sayarwa ya kamata ya tsaya da ƙarfi wajen ciniki. Mutanenmu kan ɓata yini suna jayayya kan jika 20 a farashi, sannan su amince da ranar biya cikin numfashi ɗaya, alhali ranar ta fi nauyi.

Kashi nawa cikin ɗari ya kamata ka yi amfani da shi?

Nan ne wurin da ya fi wuya, kuma babu littafin da zai ba ka lambar. Kashin da za ka raba da shi ya dogara ne ga abin da kai za ka yi da kuɗin in ya shigo hannunka yau. Fili ɗaya, tayi ɗaya, amma amsar tana sauyawa daga mutum zuwa mutum.

A ce mai filin malamin makaranta ne, ba ya kasuwanci, in ya karɓi miliyan ɗin asusun ajiya na banki zai kai shi. Irin wannan asusu a ƙasashen sefa na yammacin Afirka kashi 3.5 cikin ɗari yake bayarwa a shekara. Shi da 1.035 zai riƙa rabawa. Kashin farko ya zama 386,473, na biyu 373,404, na uku 360,777, jimilla wajen 1,120,650. A wurinsa biyan kashi-kashi ya fi na hannu da kusan jika 120, matuƙar mai sayen mutum ne da za a iya dogara da shi. Wanda kuma ba ya karɓar kuɗin ruwa na banki, kuɗin ajiye shi kawai zai yi a gida ko a asusun da ba ya ƙaruwa, jira bai rage masa wata riba ba. Tsadar kaya za ta ci kuɗin ko yana hannunsa ko yana hannun mai saye. A wurinsa miliyan ɗaya da jika 200 ya fi miliyan ɗaya, abin da ya rage masa ya auna shi ne amanar mai sayen.

A ce kuma mai filin manomin albasa ne da ke hayar injin ban ruwa, yana sayar da amfaninsa tun a bakin garka lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, don ba shi da abin riƙe gida. In ya samu miliyan ɗaya zai sayi injinsa, ya gina rudu ya adana wani kaso na albasar zuwa lokacin da za ta yi daraja. A ce duk wannan, bayan an cire wadda ta ruɓe a rudu, yana ƙara masa kashi 20 a shekara. Shi da 1.2 zai raba: 333,333 da 277,778 da 231,481, jimilla 842,592. In ya karɓi tayi na biyu ya yi asarar abin da ya haura jika 150 yana murna an ƙara masa. Kafin jira ya biya shi, sai kowane kashi ya kai wajen jika 475. Haka lissafin yake ga wanda ake bi bashi mai tsada a asusun lamuni: in kuɗin yau zai sauke masa bashin da ke ƙaruwa da kashi 20 a shekara, to kashi 20 ɗin ne ma'auninsa.

Tsakanin malamin da manomin akwai wurin da tayin biyu ke yin daidai wa daida, kuma a wannan ciniki wajen kashi 9.7 ne. Duk wanda kuɗi ke kawo masa fiye da haka a shekara ya karɓi lakadan. Wanda ba ya kai haka, jira ya fi masa.

Wannan lamba ta shafi mai saye ma. Shi yana ganin ƙarin jika 200 a kan miliyan kashi 20 ne, a raba shekara uku, bai kai kashi 7 a shekara ba. Amma ai ba shekara uku ya riƙe miliyan ɗin duka ba. Bayan shekara ɗaya ya mayar da kaso mai yawa, bayan biyu ya mayar da wani. Ainihin tsadar jinkirin da yake biya ita ce kashi 9.7 ɗin nan. Duk mai karɓar babur ko firiji ko keken ɗinki biya sannu-sannu yana faɗawa wannan ruɗu, kuma in biyan na wata-wata ne tazarar ta fi haka faɗi.

Gargaɗi ɗaya kan zaɓen lamba: mutum ya yi wa kansa gaskiya. Ɗan kasuwa kan tuna shekarar da ya ci riba mai yawa ya manta wadda kaya suka kwanta. A ɗauki matsakaicin shekaru da dama, a cire ladan aikin kai, don guminka ba ribar kuɗi ba ne. Sannan a tambayi kai ko sana'ar za ta iya ɗaukar ƙarin jarin. Mai tebur da ke juya jika 50 tana kawo masa riba mai kyau, ba lalle ne miliyan ɗaya ta kawo masa irin wannan kashi ba, don masu sayen unguwar ba su ƙaru ba.

In akwai shakkar za a biya

Duk lissafin da ya gabata an yi shi ne bisa cewa kowane kashi zai zo ranar da aka faɗa. In akwai shakka, sai a rage kuɗin tun kafin a tara. A ce ɗan kasuwan nan ya san mai sayen, yana ganin kashi biyun farko ba matsala, amma na ukun akwai yiwuwar ɗaya cikin biyar ba zai fito ba. Sai ya ɗauki huɗu cikin biyar na 300,526, wato 240,421. Jimillar ta sauko zuwa 934,636. Cinikin da ya yi kama da kunnen doki yanzu ya gaza da jika 65.

Ɗaya cikin biyar ɗin nan ƙiyasi ne, ba awo ba. Amfaninsa shi ne yana tilasta wa mutum ya faɗi tsoronsa da lamba, maimakon ya bar shi a zuci. Kuma haɗari abu ne da ake iya ragewa: a rubuta yarjejeniya da ranaku da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi, a samu mai tsayawa, takardar filin kuma kada ta bar hannun mai shi sai an cika biya.

Ina matsayin addini?

Da yawa daga masu karatu za su ce wannan ai lissafin kuɗin ruwa ne aka sake wa riga. Tambaya ce mai nauyi, kuma ya kamata a raba abu biyu.

Rance dabam. In ka ranta wa mutum jika 100, jika 100 zai mayar maka, sharaɗin ƙari haramun ne, malamai ba su yi saɓani a kai ba. Haka kuma in bashi ya tabbata a kan mutum lokacin biya ya yi bai samu ba, ba a ce masa a ƙara maka lokaci a ƙara maka kuɗi. Lissafin ƙimar yau bai halatta ko ɗaya cikin waɗannan ba. Abin da yake nunawa shi ne girman alherin da mai ba da rance ya yi. Wanda ya ranta jika 100 shekara uku, alhali yana iya juya ta da kashi 10, ya bar wa ɗan'uwansa 33,100 ne saboda Allah. Mai karɓar rance ya kamata ya san haka, ya daina ganin tunda ya mayar da adadin ba a yi masa komai ba, balle ya riƙa jan ƙafa yana da halin biya.

Ciniki kuma dabam. Mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, sun halatta a sayar da kaya da farashin jinkiri wanda ya fi na lakadan, da sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya da lokacin biya tun a wurin ƙulla ciniki, kuma kada ya ƙaru daga baya. Akwai kuma cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi amfanin gona daga baya da awo sananne da lokaci sananne, kuma a al'ada farashinsa kan yi ƙasa da na ranar karɓa. Akwai malaman da suka ƙi ƙarin farashi saboda jinkiri, ra'ayinsu sananne ne. Wanda zai ƙulla irin wannan ciniki ya kai wa malaminsa ainihin sharuɗɗan ya ji. Amma mai filin Tawa da ya zauna yana auna tayi biyu bai ci kuɗin kowa ba, yana duba wanne ya fi masa ne.

Halacci kuma bai rufe maganar adalci ba. Manomin da hatsinsa ya ƙare a tsakiyar damina, ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa kan zai biya da gero in kaka ta yi, shi ne mutumin da jira ya fi yi wa tsada a duk ƙasar nan, don yunwar gida ba ta jira. Shi ya sa yake amincewa da kowane farashi. In ya karɓi jika 10 a Yuli ya ba da geron da ya kai jika 15 a Oktoba, ƙarin rabi ne cikin wata uku kacal. A kwatanta da kashi 10 a shekara da muke ta lissafi da shi. Bankunan hatsi na ƙauyuka da tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi lamuni a kansa, wannan ramin suke ƙoƙarin cikewa.

Inda na hannu ba ya fin na gaba

Ƙa'idar tana da sharaɗi: kuɗin yau ya fi ne in za a sa shi aiki ko a biya wata buƙata ta gaske da shi. Kowa ya san abin da kan faru da miliyan ɗaya in labari ya bazu cewa wane ya sayar da fili. Ga biki, ga suna, ga mai rashin lafiya, ga wanda ba a iya ce wa a'a. Cikin wata shida sai a nemi kuɗin a rasa. Mutumin da ya san halin gidansa haka, in ya zaɓi jika 400 kowace shekara don ta zo daidai da kuɗin makarantar yara, bai yi wauta ba. Matan da ke adashi suna neman a ba su kwasar ƙarshe su ma wannan suke yi. A lissafi mai kwasar farko ce ta ci moriya, tunda ta samu kuɗi ba ƙari ta juya. Amma mai ta ƙarshe ta sayi abin da take so, wato wurin da hannunta da na wasu ba zai kai ga kuɗin ba sai lokacin kayan ɗakin ƴarta ya yi. Abin da lissafin ke ƙara mata shi ne ta san nawa wannan kariya ta ci mata.

Jinkirin da ba a yi yarjejeniya a kansa ba

Abin da ya fi faruwa a cinikin kashi-kashi ba ƙin biya ba ne, jan lokaci ne. Mai saye ya biya na farko da na biyu, na uku ya ce a yi masa haƙuri, shekara ta wuce, wata ta bi ta. A ƙarshe ya kawo jika 400 cif, kowa ya ce alhamdu lillahi an rabu lafiya.

A lissafin ɗan kasuwa mai kashi 10, kashin da ya kamata ya zo a shekara ta uku ya zo a ta biyar, don haka sau biyar za a raba shi da 1.1. Ƙimarsa ta yau ta sauko daga 300,526 zuwa 248,369. Jika 52 ta fita daga aljihun mai fili, ba ta bayyana a kowace takarda ba, kuma ba shi da damar neman ƙari a kanta tunda bashi ya riga ya tabbata. Jimillar cinikin ta koma 942,584. Saboda haka tun ranar ƙulla ciniki ake tsare wannan: a nemi kashin farko ya zama babba kuma a hannu, a taƙaita yawan shekarun, a sa ranar biya ta faɗo lokacin da mai sayen ke da kuɗi, kamar bayan an kwashe albasa in manomi ne, sannan kashin ƙarshe ya zama shi ne mafi ƙanƙanta, don shi ne ya fi nisa kuma shi ne aka fi jan ƙafa a kansa.